Bayan "Za Mu Neme Ka": Wasiƙar da Wanda Ya Zo Na Biyu Ya Cancanta

Akwai wata magana da kusan duk wanda ya taɓa neman aiki a ƙasar nan ya sani. An gama intabiyu, an yi maka fara'a, an raka ka bakin ƙofa, sai a ce: "To madalla, za mu neme ka." Daga ranar waya ba ta barin hannunka. Duk baƙuwar lambar da ta shigo sai gabanka ya faɗi. Mako ya wuce, wata ya wuce, har mahaifiyarka ta daina tambaya don kada ta fama maka ciwo. Rana ɗaya sai ka ji a bakin wani cewa ai sabon ma'aikaci ya daɗe da kama aiki, har ya karɓi albashin farko. Ashe jiran gawon shanu kake yi.

Yawancin manajojin da ke yin wannan shirun ba mugaye ba ne. Kunya ce ke hana su. Mun taso da jin nauyin kallon idon mutum mu ce masa a'a, shi ya sa muke ganin shiru ya fi sauƙi. Amma sauƙin na manaja ne shi kaɗai. Mai neman aikin yana can ya ƙi karɓar wani ɗan aikin da aka yi masa tayi, ya ɗage tafiya, ya ci bashi da sa ran albashi. In kuma daga baya ya gane ba a ɗauke shi ba, bai san dalili ba, sai ya cike gurbin da zato: ko don ba shi da uwa a gindin murhu, ko don garinsu, ko don shi ɗin bai iya komai ba.

Abin da nake so in yi magana a kai shi ne saƙo guda ɗaya tak, wanda manajan da ke ɗaukar ma'aikaci zai aika wa wanda ya yi ƙoƙari ƙwarai, ya kai zagayen ƙarshe, amma gurbi ɗaya ne kuma wani ya ɗan fi shi. Mutum ɗari da suka aiko takardu ba a kira su ba, gajeren saƙo na godiya da sanarwa ya wadatar musu. Shi kuwa wanda ya zo na biyu ya biya kuɗin mota sau biyu ko uku, ya zauna jarrabawa, ya amsa tambayoyi na awa guda. Kamfani ya san shi sosai, kuma yana riƙe da wani bayani da babu inda zai same shi sai a nan, wato ainihin inda ya gaza da kuma girman gazawar.

Wasiƙa daga ɗakin intabiyu take farowa

Na taɓa zama cikin kwamitin mutum uku da ya tantance masu neman aikin akanta a wani kamfanin casar shinkafa a Kano. Takardu sun haura ɗari, muka kira mutum takwas, muka tace zuwa uku. Kafin mu ga kowa, mun zauna mun rubuta abubuwa huɗu da aikin ke buƙata, muka raba musu maki ɗari. Daidaita littafin kuɗin kamfani da takardar banki ya ɗauki 40, domin shi ne aikin da sabon akanta zai riƙa yi kowane ƙarshen wata. Sanin haraji 20. Iya yi wa wanda ba akanta ba bayanin lissafi, kamar mai kula da sito ko dillali, 20. Tsari da riƙon amana wajen takardu, 20.

Jarrabawar aiki ta minti 45 ce a kan kwamfuta. Mun ba kowa littafin kuɗi na wata guda mai layi kusan ɗari uku, da takardar banki ta watan. Littafin ya fi banki da naira 412,500, aka ce a nemo dalili. Dalilai uku muka ɓoye a ciki. Akwai cakin naira 300,000 da wani kwastoma ya kawo ranar 30 ga wata, an rubuta shi a littafi amma banki bai riga ya zuba kuɗin ba. Akwai cajin banki na naira 12,500 da banki ya cire ba a rubuta a littafi ba. Sai kuma tiransifa ta naira 100,000 da aka rubuta sau biyu, a ranaku daban-daban, da lambar rasit iri ɗaya.

Cikin ukun akwai wata matashiya da ta gama bautar ƙasa ba da daɗewa ba, tana riƙe lissafin wani kantin magunguna. Ta gano cakin, ta gano cajin banki, ta rubuta bayaninsu tsaf. Amma da ido take bin layi ɗaya bayan ɗaya, lokaci ya ƙare tana da sauran naira 100,000 da ba ta san inda ta shiga ba. A sauran ɓangarorin ta fi kowa. Jimillar makinta 80: ta samu 26 a daidaita lissafi, 18 a haraji, 19 a bayani, 17 a tsari. Wanda muka ɗauka ya samu 84, kuma kusan duk ratar daga jarrabawar aiki ta fito, domin shi ya sa kwamfuta ta nemo masa lambobin rasit da suka maimaitu.

Na kawo waɗannan alƙaluma ne don in nuna abu ɗaya. Manajan da bai rubuta komai ba lokacin intabiyu ba shi da abin da zai faɗa wa mai neman aiki bayan mako guda, sai irin maganar nan ta "ba ki dace da tsarinmu ba" wadda ba ta amfanar kowa. Shawara mai amfani daga takardar maki take fitowa, da ɗan bayanin da kowane ɗan kwamiti ya rubuta a gefe tun maganar tana sabuwa a kunnensa. In babu wannan, gara a tsaya ga sanarwa da godiya, kada a ƙago dalili.

Ga wasiƙar

Manajan kuɗi na kamfanin, wanda a ƙarƙashinsa sabon akanta zai yi aiki, shi ya kira ta a waya, sannan ya bi da imel. Ga abin da saƙon ya ƙunsa, na cire sunaye:

"Malama Wance, assalamu alaikum.

"Na rubuto ne in sanar da ke cewa mun kammala zaɓe a kan gurbin akanta, kuma a wannan karon ba ke muka ɗauka ba. Na san ba labarin da kike jira ke nan ba, shi ya sa na ga ya dace ki ji shi daga wurina kai tsaye.

"Cikin mutum fiye da ɗari da suka nema, kina cikin ukun ƙarshe. Abu biyu sun tsaya mana a rai. Da muka tambaye ki yadda za ki fahimtar da mai kula da sito dalilin da ya sa buhunan da ke ƙasa ba su yi daidai da na littafi ba, kin yi bayanin da shi kansa zai gane, ba tare da kin sa ya ji ana tuhumarsa ba. Sannan amsarki a kan harajin albashi, da cewa dole a kai shi kafin ranar 10 ga watan da ke biye, da abin da ke faruwa idan an makara, ta fito daidai.

"Inda aka samu rata shi ne jarrabawar daidaita lissafi da banki. Kin gano biyu daga cikin dalilai uku, kuma bayaninki a kansu ya inganta. Na ukun tiransifa ce ta naira 100,000 da aka rubuta sau biyu. Mun lura da ido kike bin layukan, kuma a littafi mai layi ɗari uku lokaci ba zai isa ba. A kamfaninmu layukan wata guda sun ninka haka, kuma muna buƙatar wanda zai fara rufe lissafi tun watan farko, shi ya sa wannan ɓangare ya fi kowanne nauyi a wurinmu.

"Shawarata ita ce ki koyi abu biyu a Excel: jera layuka bisa adadin kuɗi ko lambar rasit, da amfani da COUNTIF wajen nemo lambar da ta fito fiye da sau ɗaya. Ki ɗauki lissafin wurin aikinki na watanni uku da suka wuce, da izinin mai wurin, ki daidaita su kina duba agogo. A ganina 'yan makonni sun ishe ki, domin fahimtar lissafin kina da ita.

"A yanzu ba mu da wani gurbi, kuma ba zan yi miki alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Idan kin amince, za mu riƙe takardunki na wata shida, mu sanar da ke in gurbi ya buɗe a sashen kuɗi. Idan ba ki so, ki gaya mana mu goge su. In kina da tambaya a kan abin da na rubuta, za ki iya kirana ranar Talata tsakanin ƙarfe goma da sha biyu.

"Na gode da lokacinki da wahalar zuwa har sau biyu. Allah Ya zaɓa miki mafi alheri."

Wasiƙar ba ta cika shafi ɗaya ba. Yawancin kamfanoni da Turanci suke rubuta irinta, amma ginin ɗaya ne ko da wane harshe, kuma kiran wayar da ke gabanta sau da yawa da Hausa ake yin sa. Bari mu duba abin da ya sa aka jera ta haka.

Hukunci a layin farko

Mai karanta irin wannan saƙo abu ɗaya yake nema: an ɗauke ni ko ba a ɗauke ni ba. Idan aka fara da sakin layi biyu na yabo, zuciyarsa za ta riga ta hau sama, faɗuwar kuma ta fi zafi. Daga nan duk yabon da ya gabata zai zama masa kamar yaudara. Saboda haka bayan sallama sai hukunci, da kalmomin da ba su da harshen damo. "Ba ke muka ɗauka ba" magana ce a fili. "Mun ɗan dakata da batunki" ko "muna duba yiwuwar wasu hanyoyi" suna barin ƙofa a buɗe alhali an rufe ta, sai mutum ya koma jira.

Wannan bai hana ladabi ba. Gaisuwa tana nan, addu'a tana nan. A bakinmu akwai "wani hani ga Allah baiwa ne" da "rabo ne bai tsaga ba", kuma gaskiya ne, suna sanyaya zuciya. Abin kiyayewa shi ne kada manaja ya fake da su ya guje wa bayani. Mai neman aikin ya san da ƙaddara tun kafin ya shigo. Abin da bai sani ba shi ne abin da kwamiti ya gani, kuma wannan manaja ne kaɗai zai iya gaya masa.

Yabon da ke da shaida

"Kina da hazaƙa ƙwarai" magana ce da za a iya aika wa mutum ɗari ba a sauya harafi ba, kuma mai karɓa ya san haka. Dubi bambancinta da ambaton amsar da ta bayar a kan mai kula da sito. Wannan ya nuna mata an saurare ta. Ya kuma yi mata wani amfani da ba a cika lura da shi ba. Wanda aka ƙi ɗauka yakan yi zaton komai nasa ne bai yi ba, sai ya je intabiyu na gaba ya sauya har abin da yake daidai. Idan aka gaya masa ga abin da ya yi kyau, ya san abin da zai riƙe.

Hanyar gane yabo na gaskiya mai sauƙi ce. Manaja ya tambayi kansa: shin wannan jimlar za ta dace da wani cikin waɗanda suka zo? In za ta dace, bai riga ya faɗi komai ba, sai ya koma ga takardar maki.

Gyara ɗaya, wanda ake iya gyarawa

Nan ne zuciyar wasiƙar, nan ne kuma aka fi yin kuskure. A takardunmu akwai wasu ƙananan abubuwa da aka rubuta game da matashiyar. Ɗaya daga cikinmu ya ce muryarta ta yi ƙasa a farkon ganawa. Wani ya ce ta ɗan yi jinkiri kafin ta tuna cewa harajin kayan masarufi kashi 7.5 cikin ɗari ne. Babu ɗaya da ya shiga wasiƙar, domin babu ɗaya da ya sauya hukunci. Da an jera su duka, da babban dalilin ya nutse a cikinsu, ta kuma fita da jin cewa ko'ina aibu gare ta. Ƙa'idar ita ce a faɗi abin da, da ya gyaru, da sakamakon ya sauya. Sau da yawa abu ɗaya ne, in ya yi yawa biyu.

Sannan a lura da yadda aka faɗe shi. An ambaci abin da ya faru, wato biyu cikin uku. An ambaci abin da aka gani da ido, wato tana bin layi ɗaya bayan ɗaya. An faɗi dalilin da ya sa hakan ke da nauyi a wannan aiki musamman. Sai aka ba ta abin yi, da sunansa, da inda za ta sami kayan gwaji. Ba a ce mata "ba ki da sauri" ba, domin wannan hukunci ne a kan halittarta, kuma mutum ba ya tashi da safe ya gyara halitta. An ce mata ga dabarar da ba ta yi amfani da ita ba, kuma dabara ana koyonta. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma fa sai an nuna wa mutum ta gefen da kayan suka karkace.

Akwai maganganun da ya kamata manaja ya ji tsoronsu a bakinsa: "ba ki da kwarjini", "ba ka nuna ƙwazo ba", "ba ki dace da mu ba". Duk ba su da shaida, kuma a ƙarƙashinsu sau da yawa son rai ne ke ɓuya. In manaja ya ji yana son rubuta irin wannan, ya tsaya ya tambayi kansa wace tambaya aka yi, wace amsa aka bayar, me ya rasa a cikinta. Wataƙila abin da ya kira rashin ƙwazo shi ne an tambayi mutum me ya sani game da kamfanin ya ce bai bincika ba. To, wannan shi za a rubuta, domin shi ake iya gyarawa kafin intabiyu na gaba.

Abin da ba ya shiga wasiƙa

Ba a ambaci wanda aka ɗauka ba, ba a faɗi makinsa ba, ba a kwatanta su ba. Sirrinsa ne, kuma kwatance jayayya yake jawowa. Ana auna mai nema da buƙatar aikin, ba da ɗan'uwansa ba.

Ba a kuma taɓa abin da ya shafi jinsi, aure, ciki, ƙabila, addini, gari ko lalurar jiki ba. Manaja zai iya rubuta "mun ga aikin zai yi wa mai ƙananan yara nauyi" yana ganin tausayi ya yi, alhali ya sa hannu ne a kan shaidar nuna bambanci. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila, wurin asali, jinsi, addini ko ra'ayin siyasa. Akwai dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a watan Janairun 2019, akwai kuma ta 2014 da ta hana nuna bambanci ga masu ɗauke da ƙwayar cutar HIV, har da wajen ɗaukar aiki. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraron ƙorafe-ƙorafen da suka shafi aiki. Darasin da ke nan ba wai a ɓoye irin wannan dalili a rubuta wani ba ne. Idan da gaske shi ne dalilin, to hukuncin ne ke da matsala, kuma kwamiti ya koma ya sake zama.

Haka abin yake idan daga sama aka sauko da suna. Yakan faru kwamiti ya gama aikinsa, sai mai kamfani ya ce ɗan ƙanwarsa za a ɗauka. Manajan da ya sami kansa a nan ba lallai ya iya faɗin duk abin da ya faru ba, amma akwai abin da bai halatta ya yi ba, wato ya ƙaga wa mai neman aiki aibun da ba shi da shi don ya rufe wa kamfani asiri. Yin haka zalunci biyu ne: an hana shi aiki, an kuma tura shi gyaran abin da bai lalace ba. Zai iya rubuta gaskiyar da ke hannunsa: "Kwamiti bai sami wata gazawa a aikinka da zan nuna maka ba. Kamfani ya zaɓi wani, kuma a shirye nake in ba da shaida a kanka a duk inda ka nema." Haka ma idan mutum biyu sun yi kusan kunnen doki, a faɗa a fili cewa ratar ƙanƙanuwa ce.

Batun riƙe takardu ma ba ado ba ne. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ba mutum haƙƙin sanin bayanan da wata ma'aikata ke riƙe da su a kansa, ta kuma hana a ci gaba da riƙe su bayan buƙatarsu ta wuce. Shi ya sa aka nemi izininta aka kuma yanke wa'adi. Wannan yana tuna wa 'yan kwamiti su rubuta a takardar maki abin da ba za su ji kunya ba in mai shi ya gani.

Alkawari kaya ne

"Da zarar an sami gurbi ke ce ta farko" magana ce mai daɗin faɗa a lokacin da manaja ke jin nauyi. Amma in ba shi ke da ikon cika ta ba, ya mayar da mutum cikin jiran da wasiƙar ta zo ta fitar da shi. A faɗi iya abin da za a iya yi kawai. Za mu riƙe takardunki wata shida, za mu sanar da ke in an buɗe gurbi. In manaja ya san wani kamfani da ke neman akanta, zai iya cewa: in kin yarda, zan tura musu sunanki. Sai ya rubuta wannan a kalandarsa, domin bayan wata biyu zai manta, ita kuwa ba za ta manta ba.

Yaushe, kuma ta wace hanya

Ba a sallamar na biyu sai na farko ya karɓi aikin a rubuce. Yakan faru na farko ya ga albashi ya ce bai yi masa ba, ko wurin aikinsa na da su ƙara masa kuɗi ya fasa. In an riga an sallami na biyu, komawa gare shi yana da nauyi. Amma wannan jira ma yana da iyaka. In an gaya wa mutane za su ji sakamako cikin mako biyu kuma lokacin ya cika ba a gama ba, sai a aika layi biyu: har yanzu ba mu kammala ba, kina cikin waɗanda muke dubawa, za ki ji daga gare mu ranar kaza. Da zarar na farko ya sa hannu, saƙon na biyu ya fita a ranar ko washegari, kafin labari ya riga shi. A gari irin Kano, inda kowa ya san wani da ya san wani, labari ba ya kwana.

Ga wanda ya kai zagayen ƙarshe, kiran waya na minti biyar ya fi dacewa a fara da shi, a lokacin aiki, bayan an tambaye shi ko yana wurin da zai iya magana. A wayar hukunci kawai za a faɗa da godiya, a ce bayani na tafe a rubuce. Dalili shi ne wanda ya ji "ba ke muka ɗauka ba" ba ya jin abin da ya biyo baya. Rubutu kuwa zai ajiye shi, ya karanta bayan kwana biyu da zuciya ta kwanta. Kuma wanda ya yi intabiyun, wanda ya san aikin, shi ya kamata ya sa hannu. Magatakardan da bai shiga ɗakin ba ba zai iya amsa tambaya ko ɗaya ba.

In amsa ta dawo

Wasu za su yi godiya, wasu za su yi shiru, wasu za su yi gardama. Matashiyar nan ta kira ranar Talatar. Ta ce: "Yallaɓai, da an ƙara min minti goma da na gano ta." Manajan ya ce mata: "Na yarda, Malama, da kin gano ta. Amma minti 45 muka ba kowa, kuma lokacin yana cikin abin da muke aunawa." Bai sake buɗe hukunci ba, bai kuma ƙaro wasu dalilan don ya kare kansa ba. Wannan wuri ne mai santsi. Manajan da aka matsa wa yakan fara jero sababbin aibobi, sai wasiƙar da aka gina da kyau ta rushe a waya. A tsaya ga abin da aka rubuta, a saurara, a maimaita shawarar, a yi sallama cikin mutunci.

Da haka ake gane ko wasiƙa ta yi aiki. In mai karɓa ya dawo yana tambaya "to yanzu an ɗauke ni ne ko kuwa?", hukuncin bai fito ba. In ya tambaya "me kuke nufi da kaza?", gyaran bai da shaida. In kuwa tambayarsa ita ce a ina zai koyi abin da aka ambata, to saƙo ya isa inda aka aike shi.

Ga mai karɓar irin wannan wasiƙa, shawarata gajeriya ce. Kada ka amsa a ranar. Bayan kwana ɗaya ka rubuta godiya ta layi uku, ka ce ka amince a riƙe takardunka in kana so. Ka tuna ra'ayin kwamiti ɗaya ne a kan aiki ɗaya, amma in wuri biyu suka nuna maka gefe ɗaya, to lallai kayan ta nan suka karkace. In kuma an sanar da kai ba tare da dalili ba, babu laifi ka tambaya cikin ladabi: wane abu ɗaya ne, da na gyara shi, da ya ƙarfafa takarata?

Ga manajoji kuwa, rubuta wasiƙar nan bai kai rabin awa ba ga wanda takardar makinsa ke gabansa. Wanda ya zo na biyu yau shi ne wanda za ka nema in na farko ya bar aiki, kuma ko bai dawo ba, zai faɗa wa 'yan'uwansa da abokansa yadda aka sallame shi. In akwai wanda ka ce wa "za mu neme ka" kuma ka san an riga an cike gurbin, ka ɗauko takardar makinsa yau, ka kira shi, ka gaya masa gaskiya, ka nuna masa abu ɗaya da zai gyara. Haƙƙinsa ne a kanka.